Ajiyar kwafi da farfaɗo da rumbun bayanan ERP

Ajiyar kwafi da farfaɗo da rumbun bayanan ERP tsari ne da kamfani yake bi domin ya dawo da bayanansa idan sun lalace ko sun ɓace. Manhajar ERP, irin su SAP S/4HANA da Odoo, tana haɗa lissafin kuɗi, albashi, kayan sito da cinikin kamfani a rumbu guda. Idan rumbun ya tsaya, ba a iya rubuta rasit ko fitar da kaya daga sito.

Ma'aunai biyu

Ana auna shirin da ma'aunai biyu. RPO shi ne iyakar tsawon lokacin da kamfani ya amince ya rasa bayanan da aka shigar a cikinsa. RTO kuma shi ne iyakar lokacin da aka yarda manhajar ta kasance a tsaye kafin ta koma aiki. Shugabannin kamfani ne suke tsayar da su bisa asarar da za su iya ɗauka.

Yadda ake ɗaukar kwafi

Odoo yana amfani da rumbun PostgreSQL. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗaukar cikakken kwafi kowane dare da pg_dump. Idan an ɗauki kwafin da ƙarfe 2 na dare, faifan ajiya kuma ya mutu da ƙarfe 4 na yamma, aikin awa 14 ya salwanta.

Domin rage wannan asara, ana ɗaukar kwafin tushe da pg_basebackup, sannan a riƙa adana fayilolin WAL a wata na'ura dabam. WAL kundi ne da rumbun yake rubuta kowane canji a cikinsa kafin canjin ya shiga ainihin fayilolin bayanai. Girman kowane fayil megabait 16 ne idan ba a sauya saitin ba, kuma sai ya cika ake tura shi. Saitin da ke ƙasa yana sa a rufe fayil a tura shi bayan daƙiƙa 300 ko da bai cika ba, wato RPO ya koma kusan minti 5.

```
archive_mode = on
archive_timeout = 300
```

Bayan waɗannan, sai an cike archive_command da umarnin da zai kwafe fayilolin zuwa ma'ajiya.

Misalin lissafin RTO

A ɗauka kamfani ya tsayar da RTO na awa 4, girman rumbunsa kuma gigabait 360 ne. Gano matsalar da yanke shawarar komawa ga kwafi sun ci minti 30. Shirya sabuwar na'ura ya ci minti 45. Kwafo gigabait 360 a gudun megabait 100 cikin daƙiƙa yana cin daƙiƙa 3,600, wato awa ɗaya. Maimaita canje-canjen da ke cikin WAL ya ci minti 40, sannan ma'aikatan lissafi suka yi minti 30 suna gwada rasitan ƙarshe da ma'aunin asusu. Jimilla awa 3 da minti 25 ke nan, an cika ƙa'ida.

Da a ce kwafin yana nesa, kuma ana sauko da shi ta intanet a gudun megabait 10 cikin daƙiƙa, kwafowar kaɗai za ta ci awa 10. Wannan ne ya sa ake ajiye kwafi ɗaya kusa saboda sauri, wani kuma a wani gari saboda gobara ko ambaliya.

Matsalolin da ake samu

Rumbun ko-ta-kwana mai karɓar canje-canje nan take yana rage RTO zuwa 'yan mintoci, amma ba ya maye gurbin kwafi. Idan ma'aikaci ya goge teburin albashi bisa kuskure da ƙarfe 11:20, gogewar za ta isa can ma cikin daƙiƙoƙi. Mafita ita ce a dawo da kwafin tushe, a maimaita WAL zuwa 11:19 ta hanyar saitin recovery_target_time.

Tura WAL na iya tsayawa ba tare da kowa ya lura ba. Alamar ita ce kundin pg_wal ya riƙa kumbura, kuma adadin failed_count a cikin pg_stat_archiver ya riƙa hauhawa. Idan fayil ɗaya ya ɓace a tsakiyar jerin, farfaɗowa za ta tsaya a daidai wurin.

Odoo kuma yana ajiye takardun da aka liƙa wa rasit a kundin filestore, wajen rumbun. Idan an dawo da rumbun shi kaɗai, sunayen takardun za su bayyana amma ba za su buɗe ba. Ana gano irin wannan giɓi ta hanyar gwajin farfaɗowa a wata na'ura, inda ake auna lokacin kowane mataki a kwatanta jimillar da RTO.