Wasiƙar neman bayanin asusu domin biza

Mazaunin Ketare mai neman biza zai iya kai wasiƙar kowane reshen bankinsa, ko Funtuwa ko Katsina, ba lallai sai inda ya buɗe asusun ba.

Ana rubuta ta zuwa ga manajan reshe, da cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, da lambar asusu mai alƙaluma 10, da tsawon lokacin da ake so, galibi wata uku ko shida, da ofishin jakadancin da za a miƙa wa. Ya roƙi hatimi da sa hannun jami'i a kowane shafi, ya kuma amince a cire kuɗin bugawa.

Ranar karɓa tana da tarko. A bizar karatu ta Birtaniya, dole kuɗin su kwana 28 a jere cikin asusu, kuma kada ranar rufe bayanin ta wuce kwana 31 kafin shigar da buƙata. Wanda ya karɓa da wuri sai ya sake komawa banki.