Asalin Kalma: Kausiyon

Kausiyon, kuɗin jinginar da ɗan haya ke ajiyewa a Jamus, ta samo asali daga Latin, inda take nufin taka tsantsan.

Dokar ƙasar ta hana ya wuce hayar wata uku, kuma hayar “sanyi” ake ƙirgawa, wato kuɗin ɗakin kaɗai, ban da na ruwa, shara da ɗumama gida. Idan hayar sanyi Yuro 600 ce, ta “ɗumi” 800, iyakar jinginar 1,800 ce. Mai gidan da ya nemi 2,400 ya zarce. Kana da haƙƙin biya kashi uku, wata-wata, ko da takardar haya ta ce lokaci guda.

Amma kada ka ƙi biyan hayar watannin ƙarshe ka ce a cire daga cikin jinginar, kotu ba ta yarda.