Silifa da Lafiyar Ƙafa a Ƙasar Arewa: Nazari kan Tibiri da Kewayenta

Tsakure

Maƙalar ta auna hujjojin da ake da su kan illar sa silifa kullum, ta gwada su da yanayin Tibiri da Dogon Dutsi a jihar Doso. Matsayinta shi ne illar tana bayyana ne idan tafiya ta yi nisa, ko silifar ta side, ko ƙafar ta daina jin zafi, kuma maganin mafi yawan mutane takalmi ne mai maɗauri a dunduniya.

Abin da bincike ya nuna

Igiya biyu kawai ke riƙe silifa, sun haɗu a tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, ba abin da ya kama dunduniya. Saboda haka duk lokacin da aka ɗaga ƙafa, yatsu kan danƙare don kada takalmin ya fice. Justin Shroyer da abokan aikinsa na Jami'ar Auburn a Amurka sun auna tafiyar mutane, suka wallafa a 2010 cewa mai silifa yana gajarta taku fiye da mai rufaffen takalmi. A 2013 Zhang da abokansa suka gano cewa dukan da ƙafa ke sha yayin da ta sauka ƙasa ya fi saurin hawa a silifa fiye da a takalmin gudu. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje sun nuna sauyin tafiya ne a ɗakin awo, kan mutane kaɗan masu lafiya, ba su bi su shekaru don a ga wanda ya kamu da ciwo ba. Wanda ya ce silifa tana lalata ƙafar kowa ya wuce abin da hujja ta ba shi.

Akwai ma binciken da ya tsaya wa silifa. Najia Shakoor ta Jami'ar Rush a Shikago ta nuna a 2010 cewa ga masu ciwon zaizayar gwiwa, nauyin da ke sauka a gwiwa ya fi sauƙi a silifa da ƙafa ba takalmi fiye da a takalma masu tauri da tudu. Wannan ya isa ya hana mu ba da shawarar a koma takalmi mai nauyi kawai don ya fi tsada.

Nisa da kaya

Gundumar Tibiri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi a 2011, ƙasar noma ce a kwarin Dallol Mawri, kuma da ƙafa ake zuwa gona da rijiya da kasuwa. A ɗauki misalin mace da ke kai gyaɗa kasuwa daga ƙauye mai nisan kilomita 5. Idan takunta santimita 70 ne, zuwa kaɗai taku 7,000 ne da ɗoriya, zuwa da dawowa ya haura 14,000, rabinsu da kaya a ka. A kowane taku yatsunta sun danƙare, rairayi kuma yana janye silifar gefe. Roban yakan fara sidewa ta wajen dunduniya, ya karkace, ƙafar ta riƙa sauka a karkace. Abin da ake tsoro a nan shi ne wahalar da jijiyar da ta shimfiɗu a tafin ƙafa daga dunduniya zuwa gindin yatsu. Alamar ciwonta sananniya ce: zafi mai suka a ƙarƙashin dunduniya a takun farko bayan tashi daga barci, ya lafa idan an ɗan taka, ya dawo bayan doguwar tsayuwa. Faso ma yana ƙaruwa, domin dunduniyar da ba ta da abin tarewa takan baje a ƙarƙashin nauyi, iskar hunturu ta busar da kaushin, ya tsage har ya yi jini. Silifar da ake shiga kewaye da ita, ko a taka zuwa masallacin unguwa, ba ta cikin wannan lissafi.

Inda hujja ta fi ƙarfi

Babban haɗarin, a ganina, rauni ne. Ƙayar aduwa da ta gawo suna huda siririn roba, kututturen karan gero yana yankar gefen ƙafa, raunin da ƙasa ta shiga kuma ƙofa ce ga tetanos, cutar da ke sandarar da jiki, ga wanda bai yi rigakafi ba. Kububuwa ma galibi a ƙafa da idon sawu take saran manomi. Lafiyayyen mutum yana jin suka, ya tsaya ya cire ƙaya. Mai ciwon suga da ya daɗe, jijiyoyin ƙafarsa kan mutu, ya yini da ƙaya a tafin ƙafa bai sani ba, ko igiyar silifa ta goge masa tsakanin yatsu, wurin ya zama gyambo, gyambon ya kai ga yanke ƙafa. Shi ya sa ƙa'idojin ƙwararrun duniya kan ƙafar masu suga, na 2019 da na 2023, suka hana irin wannan majiyyaci tafiya ba takalmi, ko da safa kaɗai, ko da silifa mai siririn ƙasa, a gida ko a waje. Ana gane shi da ƙorafin jin ƙafa kamar an sa mata safa, ko raɗaɗi da dare, ko silifa ta fice masa bai ji ba. A asibiti ana taɓa tafin ƙafa da wani siririn zare mai dannawar giram 10. Wanda bai ji ba yana cikin haɗari.

Me za a sa

Za a ce silifa ce talaka ke iya saye, ita ce mai sauƙin cirewa wajen alwala, kuma rufaffen takalmi a zafin Afrilu gumi yake tarawa, tsakanin yatsu ya ruɓe. Duka gaskiya ne, shi ya sa ban ga dalilin rufe ƙafar kowa ba. Ga mai tafiya mai nisa, takalmi buɗaɗɗe mai maɗauri a bayan dunduniya da wani a kan ƙafa ya wadatar, na fata ko na taya, kuma baduku na iya ƙara wa takalmin da ake da shi wannan maɗauri. Amfaninsa shi ne ya sauke wa yatsu aikin riƙo, ya hana zamewa. Kaurin ƙasan shi ke tare ƙaya. Kafin a saya a lanƙwasa shi: ya lanƙwasu a gindin yatsu kawai, idan ya ninku a tsakiya ko ya murɗe kamar tsumma a bar shi. A gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Aikin fadama da girbi yana son dogon takalmin roba, a cire shi a shanya bayan aiki.

Mai suga da ƙafarsa ta daina ji kuwa, rufaffen takalmi mai faɗin baki zai sa da safar auduga, cikinsa ya fi ƙafar tsawo da santimita 1 zuwa 2. Ya zazzage shi ya shafa cikinsa da hannu kafin ya sa, ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowace rana, ya tsane su bayan alwala. Idan ya ga bororo ko tsaga ko ja, ya je asibiti a ranar, ko da ba ya jin ciwo.