Dalilan da ke sa VPN rage saurin intanet

Tun ranar 25 ga Yulin 2025, da hukumar sadarwa ta Sudan ta toshe kiran murya da na bidiyo a WhatsApp, VPN ya zama hanyar da mutane da yawa ke bi don jin muryar 'yan uwansu. A wuri irin Um Rakuba, a jihar Gadarif, inda sansanin 'yan gudun hijira yake, layi dama ba ƙarfi gare shi ba, sai VPN ya ƙara masa nauyi.

Nauyin farko na kulle bayanai ne. Waya tana aika bayanai ƙunshi-ƙunshi, VPN kuma yana kulle kowanne ya sa shi cikin wani sabon ƙunshi. A tsarin WireGuard ƙarin yakan kai bait 60. Ga babban ƙunshi mai bait 1,400 wannan ba wani abu ba ne, amma ƙunshin murya ƙarami ne, don haka ƙarin yana cin kaso mai yawa. Tsohuwar waya kuma takan yi zafi wajen aikin kullewar.

Nisa ya fi wannan illa. Duk abin da ka aika sai ya fara zuwa sabar, wato kwamfutar kamfanin VPN, kafin ya wuce inda ka nufa. Cikin wayar gilashi ta ƙarƙashin teku, saƙo yana tafiyar kilomita 200 a milisakan ɗaya. A ce mutum a Um Rakuba yana kiran ƙanensa a Jidda, wadda ke tsallaken Bahar Maliya, kusan kilomita 300 daga Port Sudan. Idan manhajar ta zaɓi sabar a New York, muryarsa za ta yi kimanin kilomita 10,000 zuwa can, ta sake yin wasu 10,000 zuwa Jidda. Milisakan 100 ke nan a hanya kaɗai, ban da jinkirin eriya da cunkoson sabar, wanda ya fi tsanani a manhajojin kyauta. Da jinkiri ya wuce milisakan 150, sai masu hira su fara katse juna. Sabar a Turai ko yankin Gulf ta fi.

Sai tsarin haɗi, wanda a ganina shi aka fi mantawa da shi. OpenVPN yana aiki ta UDP ko ta TCP. TCP ba ya barin ƙunshi ya ɓata: idan ɗaya ya faɗi, na bayansa duk sai su jira a sake aiko shi. A layi mai rauni, murya takan tsaya cik, sannan ta zubo gaba ɗaya. WireGuard ta UDP kawai yake bi, shi ya sa ya fi dacewa da kira. Amfanin TCP shi ne inda aka toshe UDP.

Don gano mai laifi, a gwada sauri ba VPN, sannan a kunna shi. Idan adadin ping ne ya yi tsalle, a sauya sabar. Idan ping bai yi yawa ba amma kira na tsinkewa, a shiga saitin Protocol a zaɓi WireGuard.