Rabon gado: yadda ake fitar da rabon mata, iyaye da ƴaƴa

Yawancin rigimar gado a garuruwanmu ba daga rashin sanin hukunci take tasowa ba, daga lissafi take. Kowa ya ji ana cewa mace tana da tumuni, uwa tana da sudusi, amma in an zauna rabo sai lissafi ya rikice. Ga yadda malaman fara'ili ke bi, bisa mazhabar Malikiyya da ake aiki da ita a ƙasarmu, idan mamaci ya bar mata ko miji, da ƴaƴa, da iyaye.

Abin da ake cirewa tukuna

Ba a taɓa rabo sai an ware abin da ba na mamaci ba ne, kamar awakin matarsa ko ajiyar wani. Bayan haka a cire kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashi, har da sauran sadakin da bai cika ba. In ya bar wasiyya, a zartar da ita muddin ba ta wuce kashi 1 cikin 3 ba, kuma ba ga mai gado aka yi ta ba. Abin da ya rage shi ne gadon.

Rabon kowa

Waɗannan rabe-raben suna cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Idan mamaci ya bar ɗa ko ɗiya, matarsa tana da tumuni, wato 1 cikin 8. In bai bar ɗa ba, tana da rubu'i, 1 cikin 4. Miji kuwa yana da rubu'i in matarsa ta bar ɗa, in ba ta bari ba yana da rabi. Ɗan nan ko da wata mata aka haife shi, ko da wani miji, hukuncin bai canjawa. Jika ta wajen ɗa namiji ma yana tsayawa matsayin ɗa a nan.

Uwa da uba, in akwai ƴaƴa, kowanensu yana da sudusi, 1 cikin 6. Ɗiya mace ita kaɗai tana da rabi. In sun kai biyu ko fiye, babu namiji cikinsu, suna da kashi 2 cikin 3. Da zarar akwai ɗa namiji, ƴaƴa ba su da rabo yankakke: su ne asaba, suna kwashe abin da ya rage, namiji ya ɗauki ninki biyu na mace.

Mu yi lissafin tare

A ce magidanci ya rasu ya bar mata 2, da uwa, da uba, da ƴaƴa maza 3, mata 4. An yi wa gona, shanu da hatsi kuɗi, aka samu jika 2,700 na sefa. Jana'iza ta ci jika 50, bashi jika 250, babu wasiyya. Saura jika 2,400.

Matakin farko, a nemi lambar da 8 da 6 duk suke shiga cikinta ba ragowa. Ita ce 24, malamai suna kiranta asalin mas'ala. Sai a kasa dukiyar kashi 24, kowane kashi ya zama jika 100.

Tumunin 24 shi ne 3, ke nan mata suna da jika 300. Su biyu za su raba, kowace jika 150. Sudusin 24 shi ne 4, uwa ta samu jika 400, uba ma jika 400. An fitar da kashi 11, saura 13, wato jika 1,300 na ƴaƴa.

A wajen ƴaƴa, ana ƙirga kowane namiji kai biyu, mace kai ɗaya. Maza 3 sun zama kai 6, a haɗa da mata 4, kai 10 ke nan. Jika 1,300 a raba 10 ya ba da jika 130. Kowace ɗiya ta ɗauki jika 130, kowane ɗa jika 260. Don a tabbatar, a tara duka: 300 da 400 da 400 da 780 da 520, sun koma 2,400 cif. In jimilla ba ta koma daidai ba, akwai kuskure wani wuri.

In mace ce ta rasu ta bar miji, asalin yana zama 12: miji 3, uwa 2, uba 2, saura 5 na ƴaƴa in akwai namiji cikinsu.

Idan ƴaƴan duk mata ne

A nan ne lissafi ke canja fuska. In ɗiya ɗaya ce, tana da 12 cikin 24, mata 3, uwa 4, uba 4. Jimilla 23, saura kashi 1. Wannan kashin uba ne ke ƙarawa da shi a matsayin asaba, ya tashi da 5.

In ɗiyan biyu ne ko fiye, rabonsu 16. A haɗa da 3 da 4 da 4, sai a ga 27, alhali 24 ake da su. Ba a hana wa kowa, ba a kuma fifita wani. Sai a kasa dukiyar kashi 27 maimakon 24, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Wannan shi ake kira auli. Da gadon jika 2,700 ne, mata su samu 300, ɗiya 1,600, uwa 400, uba 400. Ku lura, tumunin mata ya koma 1 cikin 9. Malamai suna kiran wannan mas'ala Mimbariyya, saboda an ruwaito Sayyidina Aliyu ya amsa ta yana bisa mimbari.

Inda ake yawan kuskure

Na farko, a cire tumunin takaba, sannan a fitar da sudusin iyaye daga abin da ya rage. Ba haka ba ne, kowane rabo daga dukan dukiyar ake auna shi. A misalinmu, da an bi waccan hanya uwa za ta samu jika 350 maimakon 400.

Na biyu, a ba kowace mata tumuninta. Tumuni ɗaya ne, ko su huɗu ne shi za su raba daidai, uwargida da amarya, mai ƴaƴa da wadda ba ta haihu ba.

Na uku, rabon ɗaki-ɗaki, wato a kasa gona bisa yawan mata. Ƴaƴa kai-kai ake ƙirga su, ba a duban ɗakin da suka fito.

Na huɗu, ƴan'uwan mamaci ba su da komi in akwai ɗa namiji ko uba. Haka jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado tare da baffanninsa, sai dai a yi masa wasiyya tun da rai.

Ga na ƙetare kuma, nisa ba ya kashe rabo. Wanda ke Agadas, Libiya ko Abijan, haƙƙinsa yana nan, ya wakilta wani a gaban shaidu. In matar mamaci tana da ciki, a Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu. In kuma aka yi jinkiri har uwar mamaci ta rasu, sudusinta bai faɗi ba, ya koma ga nata magada. Shi ya sa gonar da aka bari shekara da shekaru ba rabo take zama gado cikin gado.

Kafin a sa igiya a gona, a kai sunayen magada duka wajen malamin da ya san fara'ili, a rubuta rabon a takarda da sa hannun shaidu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyashe mu cin haƙƙin marayu.