Minti 20 na Dare da Minti 20 na Farin Gada: Auna Amincin Manhajar Biyan Kuɗi

Kamfanonin biyan kuɗi ta intanet sun saba alfahari da cewa na'urorinsu na aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. A wata mai kwana 30 akwai minti 43,200, don haka wannan alkawari ya bar musu rangwamen minti 43 da 'yan daƙiƙu na tsayawa. Wannan rangwame shi ne kason gazawa, tsarin da injiniyoyin Google suka yaɗa a littafinsu na 2016. Hujjar wannan maƙala ita ce, a gari irin Jos, auna kason da agogo kuskure ne. Da yawan ciniki ya kamata a auna shi.

A ƙaddara wata manhaja da dillalan tumatir da kabeji na kasuwar Farin Gada ke karɓar kuɗi da ita, tana ɗaukar buƙatu 600,000 a wata. Mizanin kashi 99.9 ya yarda 600 su faɗi. Idan ta tsaya minti 20 da ƙarfe uku na dare, sa'ad da buƙata ɗaya ke shigowa a minti, an yi asarar 20. Idan kuwa da hantsi ne, ana tsaka da lodi, buƙatu 60 na shigowa a minti, an rasa 1,200, wato ninki biyu na kason watan gaba ɗaya. A lissafin agogo waɗannan tsayawa biyu daidai suke, har ma da sauran minti 23 a ajiye.

Sai batun abin da za a kira nasara, kuma nan ne aka fi ruɗin kai. Na'ura na iya amsawa lafiya alhali an cire kuɗin mai saye, alat bai iso wa mai kaya ba. Wanda ya yi ciniki a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ya san wannan tsaiwar ta jiran alat. A ganina, nasara ita ce kuɗi su isa cikin ƙayyadadden lokaci, misali daƙiƙa 30. Kuskuren lambar sirri ko ƙarancin kuɗi a asusu ba ya shiga lissafi.

Akwai masu cewa ba adalci ba ne a ɗora wa manhaja laifin bankuna ko na NIP, hanyar taransifa ta NIBSS. Gaskiya ne ba ita ke iko da su ba, amma cire su daga lissafi yana ɓoye abin da ɗan kasuwa ya gani. A ƙirga su, a ware su a gurbi na daban, sannan a tsayar da mizanin bisa bayanan watannin baya. Idan sun nuna kashi 99.5, daga nan za a fara: kason ya zama 3,000. Da zarar ya ƙare, a dakatar da sakin sababbin sauye-sauye, injiniyoyi su koma gyaran abin da ya cinye shi.