Yadda Na'ura Ta Koyi Gane Fuska Daga Hotunan Jarida

A shekarar 2007 wasu malamai a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, a Amurka, suka tattara hotunan fuskoki 13,233 na mutum 5,749, suka sa wa tarin suna Labeled Faces in the Wild. Daga shafukan labarai suka tsinto su, saboda can ne ake samun hoto a sauƙaƙe da sunan mai shi a ƙasa. Shekara da shekaru wannan tari shi ne jarrabawar da kowace manhajar gane fuska take zana kafin a ce ta iya. Matsalar ita ce, waɗanda jaridun Amurka suke ɗauka a lokacin ba su ne jama'ar duniya ba. Da aka ƙiyasta a 2014, sai aka ga kusan kashi 83 cikin 100 fararen fata ne, kusan kashi 77 kuma maza. George W. Bush shi kaɗai yana da hoto 530 a ciki.

Ba a gaya wa manhaja cewa ga hanci, ga ido. Hotuna ake tura mata, ta riƙa mayar da kowace fuska jerin lambobi, ana yi mata gyara har lambobin mutum ɗaya su matso kusa da juna, na mutane daban su yi nisa. Burinta kawai ta rage jimillar kuskure. Idan a cikin hoto 100 baƙaƙe 10 ne, to gyara a kan sauran 90 ya fi riba, kuma za ta iya cin maki mai yawa ko da tana tafka kuskure a kan goman. Fuskokin da ba ta gani da yawa ba sai ta cunkusa su wuri ɗaya, kamar baƙon da ya zo kasuwa ya ce duk 'yan garin kamarsu ɗaya. Tun da jarrabawar ma daga irin waɗannan hotuna aka yi ta, matsalar ba ta fito a makin ba.

Joy Buolamwini, ɗaliba a MIT mai asali da Ghana, ita da Timnit Gebru suka tona asirin a 2018. Sun haɗa sabuwar jarrabawa da hotunan 'yan majalisa 1,270 daga Ruwanda, Senegal, Afirka ta Kudu, Ayislan, Finlan da Suwidin, suka gwada manhajojin IBM, Microsoft da Face++ a kan tambaya ɗaya: namiji ne ko mace? A kan maza masu hasken fata kuskuren bai wuce kashi 0.8 ba. A kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7. Cikin ɗan lokaci IBM da Microsoft suka sake horar da nasu, giɓin ya ragu ƙwarai, wanda a ganina ya isa shaida cewa laifin na horo ne, ba na fatar ba.

A Disambar 2019 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gwada manhajoji 189, har da hotunan haifaffun Najeriya. Ta gano cewa ɗaukar wani a matsayin wani ya fi yawa a kan 'yan Afirka ta Yamma da ta Gabas da Gabashin Asiya, sau da yawa ninki 10 zuwa 100 idan an kwatanta da Turawa. Amma wasu manhajojin da aka yi a Sin ba su da wannan giɓi a kan 'yan Asiya. Wanda ka saba gani shi kake ganewa.

Wannan fasaha ta iso Najeriya ba tare da shela ba. Ɗalibin shari'a a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, in zai buɗe asusu a waya, sai an kwatanta fuskarsa da hoton da ke rajistarsa. A zaɓen 2023 kuma na'urar BVAS tana duba fuska idan yatsa ya ƙi. Kuskuren na'urar iri biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Idan na'ura ta ƙi mai hoton, kowa ya gani, a sake gwadawa. Galibi haske ne sanadi: mutum ya tsaya a rumfa, ranar azahar na bayansa, kyamara ta daidaita kanta da hasken waje, fuskar ta dusashe, balle in hoton rajistar ma a duhun shago aka ɗauka. Juyawa a fuskanci haske yakan warware wannan.

Na biyun shi ne ta karɓi wani a madadin wani, kuma ba ya ƙara ko alama. A ce an saita manhaja ta yi irin wannan kuskure sau ɗaya cikin kwatance 10,000, bisa gwajin Turawa. In a kanmu ya ninka 50, ya zama sau ɗaya cikin 200. A Janairun 2020 'yan sandan Detroit sun tsare wani baƙar fata kusan awa 30 kan satar agoguna, saboda manhaja ta haɗa hoton lasin tuƙinsa da na ɓarawon da kyamarar kanti ta ɗauka.